Yadda Ake Lissafin Tsadar Bashin Kaya: Wa'adin Kwana 30 da Rangwamen Saurin Biya

Tambayar da 'yan sari da masu ƙananan kamfanoni suka fi turowa kwanan nan ita ce: kamfani ya aiko da kaya, a ƙasan takardar caji an rubuta "2/10 net 30", ko kuma dila ya ce in ka biya cikin kwana goma zai sauke maka kashi 2 cikin 100. Shin mutum ya yi ta maza ya nemo kuɗin ya biya, ko ya riƙe abinsa ya ci gaba da juyawa har wa'adi ya cika?

Mafi yawan masu tambayar suna raina kashi 2 ɗin, suna ganin bai kai a tayar da hankali a kansa ba. Amma wanda ya bar wannan rangwame ya wuce, bashi ya ci a wurin mai kaya, kuma bashin yana da farashi. In ba ka fitar da farashin a ma'aunin shekara ba, ba za ka iya gwada shi da na banki ko da abin da jarinka ke kawo maka ba. Ga yadda ake fitar da shi. Ka tanadi takardar cajin kayan, wadda 'yan kasuwa ke kira inbois, da kalanda, da kalkuletar wayarka, da takardar yarjejeniyar banki idan kana da niyyar ranto kuɗin.

Misali guda za mu bi har ƙarshe: ɗan sari a kasuwar Singa ta Kano ya ɗauki kayan naira 5,000,000 daga kamfani, inbois ɗin na ɗauke da kwanan wata 3 ga Maris, sharaɗin biya kuma 2/10 net 30.

## 1. Karanta sharaɗin kamar yadda aka rubuta shi

Lambobi uku ne a cikin 2/10 net 30. Ta farko, 2, ita ce rangwamen, wato kashi 2 cikin 100. Ta biyu, 10, ita ce yawan kwanakin da rangwamen ke raye. Ta uku, 30, ita ce ranar ƙarshe da za ka biya cikakken kuɗin ba tare da an cire ko kwabo ba. In aka rubuta "Net 30" kawai, babu rangwame ke nan, kwana 30 aka ba ka ka biya duka. "COD" na nufin kaya na sauka kuɗi na fita.

Akwai wasu haruffa da ake liƙawa a baya waɗanda ke sauya lissafin gaba ɗaya. "EOM" na nufin sai watan da aka rubuta inbois ya ƙare sannan a fara ƙirga. Inbois na 3 ga Maris mai ɗauke da "Net 30 EOM" sai 30 ga Afrilu wa'adinsa zai cika, kwana 58 ke nan daga ranar da aka rubuta shi. "ROG" kuwa na nufin ana fara ƙirga ne daga ranar da kaya suka iso hannunka.

Hattara: idan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan haruffa, al'ada ita ce a ƙirga daga kwanan watan da ke kan inbois, ba daga ranar da mota ta sauke kaya a sito ba. Kayan da aka rubuta wa inbois a Legas ranar 3 ga wata, tirela ta iso Kano ranar 9, kwana huɗu kacal suka rage maka na rangwame. Masu ɗauko kaya daga nesa su nemi a mayar musu da sharaɗin ya koma daga ranar isowar kaya, kuma a ajiye wayabil ɗin da aka sa wa hannu, don shi ne shaidar ranar.

## 2. Fitar da ranakun biyu a kalanda

Ranar da ke kan inbois ba ta shiga ƙirga, daga washegari ake farawa. A misalinmu, kwana na 10 ya faɗa 13 ga Maris, kwana na 30 kuma 2 ga Afrilu, tun da Maris kwana 31 yake yi. Mutane da yawa suna ɗaukar kwana 30 a matsayin "wata guda", su ce ai 3 ga Afrilu ne, sai su makara da kwana ɗaya.

Ka tambayi akantan kamfanin abu biyu, kuma ka sa ya amsa maka a rubuce ko da ta saƙon waya ne. Na farko, idan ranar ta faɗa Asabar, Lahadi ko hutun Sallah, ana ɗagawa zuwa ranar aiki ta gaba ko kuwa kafin hutun ake so? Na biyu, wace rana suke lissafawa a matsayin ranar biya, ranar da ka tura ko ranar da kuɗin ya zauna a asusunsu? Taransifar da ta maƙale a hanya da yammacin ranar ƙarshe tana iya cinye maka rangwamen baki ɗaya, ga kuɗi ya riga ya fita daga hannunka. Haka ma iyakar abin da banki ya yarda ka tura a rana: idan iyakarka ba ta kai miliyan biyar ba, sai ka raba biyan kwana biyu, ka fara tun ranar 11 ko 12.

## 3. Mayar da kason zuwa naira

Kashi 2 cikin 100 na 5,000,000 shi ne 100,000. Zaɓin da ke gabanka ke nan: ka biya 4,900,000 ranar 13 ga Maris, ko ka biya 5,000,000 ranar 2 ga Afrilu.

A nan ne ya kamata ka sauya yadda kake kallon cinikin. Ainihin kuɗin kayan nan 4,900,000 ne, don shi ne abin da mai kaya ya yarda ya karɓa ya sallame ka. Kwanaki goman farko kyauta ne, ba ka biyan komai a kansu ko wace hanya ka bi. Idan ranar 13 ta wuce ba ka biya ba, tamkar mai kaya ya ranta maka 4,900,000 ne na tsawon kwana 20, daga 13 ga Maris zuwa 2 ga Afrilu, ka mayar masa da ƙarin 100,000. Raba 100,000 gida 20, za ka ga kowace rana naira 5,000 kake biya don kuɗin ya kwana a hannunka. Ka riƙe wannan 5,000 ɗin a ka, za mu sake buƙatarsa.

Kuskure biyu ake yi a wannan mataki, kuma dukansu suna rage wa bashin tsada a ido. Wasu suna raba 100,000 da 5,000,000 maimakon 4,900,000. Bambancin kaɗan ne, 2% da 2.04%. Kuskure na biyu shi ne babba: a ɗauki kwana 30 a matsayin tsawon bashin, alhali kwana 20 ne kawai kake saye da kuɗin nan. Wanda ya yi wannan kuskuren zai ga tsadar ta ragu da sulusi, ya yanke hukunci a kan lambar da ba ta gaskiya ba.

## 4. Ɗaga shi zuwa ma'aunin shekara

Bankuna da kamfanonin bashi suna faɗin farashinsu a shekara ne ko a wata, saboda haka dole ka mayar da naka irin nasu kafin ka gwada. Hanyar ita ce: ka fitar da kason da ka biya a kan ainihin kuɗin, sannan ka ninka shi da yawan zagayen kwana 20 da ke cikin shekara.

```
tsada a shekara = [ r / (100 - r) ] x [ 365 / (W - K) ]
```

A nan r shi ne rangwamen, W kwanakin wa'adin ƙarshe, K kuma kwanakin rangwame. A kalkuleta, 2 a raba da 98 ya ba da 0.020408. Sai 365 a raba da 20, ya ba da 18.25. Ka ninka su, za ka sami 0.3724, wato kashi 37.2 cikin 100 a shekara. Rangwamen da aka raina ke nan. Wasu littattafan lissafin kuɗi suna amfani da kwana 360 maimakon 365, su sami 36.7%. Ba wani bambanci ba ne da zai sauya maka shawara, abin lura kawai shi ne ka yi amfani da ƙirga iri ɗaya a duk abubuwan da kake gwadawa.

Akwai lissafi na biyu da ke ɗauka cewa duk abin da ka tsira da shi kana mayar da shi cikin jari yana haihuwa. Mai amfani da Excel ko Google Sheets zai iya rubuta duka biyun haka:

```
=(2/98)*(365/20)
=(1+2/98)^(365/20)-1
```

Layin farko zai ba da 0.3724, na biyu 0.4459, wato kusan 44.6%. Wanne za ka ɗauka? Idan za ka gwada da kuɗin ruwan da banki ya rubuta a takardar tayi, ɗauki na farko, domin bankuna galibi a sauƙaƙe suke faɗin nasu. Ni a ganina na farkon ya ishi ɗan kasuwa yanke shawara. Na biyun ya fi amfani ga akantan da ke gwada shi da wani abin da aka riga aka lissafa da haihuwarsa.

Kada kuma lambar ta ruɗe ka ka ɗauka kana asarar kashi 37 na kuɗin kayanka kowace shekara. Farashin aron kuɗi ne, ba jimillar asara ba. Ɗan sarin da ke ɗaukar kayan miliyan biyar sau ɗaya a wata, yana barin rangwamen kullum, naira 1,200,000 yake bari a shekara, domin kwana 240 ne kawai cikin shekarar yake riƙe da bashin mai tsada.

Don ka ga yadda sharuɗɗa ke bambanta: 1/10 net 30 yana ba da 18.4%, 3/10 net 30 yana kaiwa 56.4%, amma 2/10 net 60 yana sauka zuwa 14.9% domin kwana 50 kake samu da kuɗi iri ɗaya. Tsawon tazarar da ke tsakanin ranakun biyu yana da tasiri daidai da girman rangwamen, kuma shi ne abin da mutane ba su cika dubawa ba lokacin ciniki.

## 5. Gyara lambar ta dace da abin da ke faruwa a zahiri

Lissafin da ke sama na takarda ne. Abu uku suna iya motsa shi.

Na farko haraji da kuɗin mota. A Najeriya harajin VAT kashi 7.5 ne cikin 100 tun watan Fabrairun 2020. Idan kayan na cikin waɗanda ake ɗora wa harajin, inbois ɗinmu zai zama 5,375,000. Kamfanoni da yawa a kan kuɗin kaya kaɗai suke yin rangwame, ban da haraji, ban da kuɗin mota. A ce haka ne a nan: za ka biya 5,275,000 da wuri ko 5,375,000 a ƙarshe. Rangwamen bai canza ba, 100,000 ne, amma kuɗin da za ka fitar da wuri ya ƙaru. Ka raba 100,000 da 5,275,000, ka ninka da 18.25, tsadar ta dawo 34.6%. Ƙa'idar ita ce kullum ka raba abin da za a rage maka da abin da zai fita daga asusunka a zahiri.

Hattara: kada ka cire kashi 2 daga jimillar da ke ƙasan inbois da kanka ba tare da ka tambaya ba. Idan ka tura kuɗin da ya gaza da 'yan dubbai, wasu kamfanonin za su ɗauka ba ka cika sharaɗi ba, su soke rangwamen duka.

Na biyu shi ne ranar da kake biya da gaske. Kowa ya san akwai kamfanin da ke rubuta kwana 30 amma ba ya ɗaga waya ya nemi kuɗinsa sai an kai kwana 45, kuma ba tara. Idan haka hulɗarku take, to kwana 35 kake saye da 100,000 ɗin, ba 20 ba, tsadar kuwa ta sauko 21.3%. Wannan gaskiya ne a lissafi, amma ban ba kowa shawarar ya gina kasuwancinsa a kai ba. Saɓa alkawari ne, kuma ana biyan kuɗinsa ta wata ƙofar: ranar da kaya suka yi ƙaranci mai cika alkawari ake fara lodawa, kai kuma a rage maka yawan abin da ake ba ka bashi, ko a ce daga yau sai da kuɗi hannu. In kana son kwana 45, ka zauna da su a rubuta kwana 45.

Juyin wannan kuma ya fi muni, ga shi ana yawan yin sa. Mutum ya rasa rangwame ranar 13, kuɗi ya shigo masa ranar 18, sai ya tura cikakken miliyan biyar nan take don ya huta. Ya biya 100,000 ke nan a kan kwana biyar kacal, wato 20,000 kowace rana, kusan 149% a shekara. Idan rangwame ya riga ya kuɓuce, ko dai ka kira su ka roƙi a yi maka alfarmar 'yan kwanakin, ko kuma ka riƙe kuɗinka yana aiki har ranar ƙarshe. Biya a tsakiya ba shi da wata fa'ida sai in zumunci kake nema da shi, kuma ka san shi kake saye.

Na uku tarar makara. Wasu inbois suna ɗauke da tarar 1.5% a kowane wata bayan wa'adi, wato 18% a shekara. Wannan ƙari ne a kan rangwamen da ka riga ka rasa, ba madadinsa ba.

## 6. Gwada da farashin kuɗin da za ka biya da shi

Nan ne shawarar take. Kashi 37 ba shi da ma'ana shi kaɗai sai an ajiye shi kusa da wani abu. Tambayar ita ce: 4,900,000 ɗin da za ka biya ranar 13 daga ina zai fito, kuma nawa zai ci maka na kwana 20?

Idan kuɗin yana zaune ne a asusu ba ya yin komai, ba sai an yi dogon tunani ba, ka biya ka karɓi rangwamenka. Babu asusun ajiyar da zai ba ka 100,000 a kan miliyan 4.9 cikin kwana 20. Sai dai ka tabbata ba kuɗin albashin yaran shago ko hayar sito za ka kwashe ba, don wanda ya tsira da 100,000 ya wayi gari yana neman rance da gaggawa a ƙarshen wata bai ci riba ba.

Idan banki za ka je, a ce suna caji 30% a shekara. Ka ninka 4,900,000 da 0.30, ka raba da 365, za ka sami kusan naira 4,027 a rana, wato 80,548 a kwana 20. Ya yi ƙasa da 5,000 ɗin mai kaya, saboda haka a ido ranto kuɗin ya fi, da rarar kusan 19,450. Amma kar ka tsaya nan, ka buɗe takardar tayin ka nemi sauran caje-cajen. A ce akwai kuɗin gudanarwa na 1% da ake cirewa tun farko: 49,000 ke nan. Jimilla ta zama 129,548, ta zarce rangwamen da kusan 30,000. Bashin da aka rubuta masa 30% ya fi na 37% tsada, saboda cajin da ake biya sau ɗaya yana yin nauyi ƙwarai a kan bashi mai gajeren zango. Wannan shi ne ramin da masu dogaro da kason shekara kaɗai suke faɗawa.

Labarin yana sauyawa idan banki ya buɗe maka damar cire kuɗi fiye da abin da ke asusunka na tsawon shekara, ka biya 49,000 ɗin sau ɗaya, ka yi amfani da damar sau 12. Kowane zagaye zai ɗauki kusan 4,083 daga cajin, jimilla 84,631, ka tsira da kusan 15,400 duk wata. Riba ce, amma siririya ce, kuma tana nan ne kawai idan ka mayar wa banki kuɗinsa ranar 2 ga Afrilu daidai. Ka ƙara kwana huɗu a kai, ta tafi.

Masu ba da bashi a kan 5% a wata kuwa ba sai an wahala ba: 60% ke nan a shekara, kuma galibinsu kuɗin wata cikakke suke karɓa ko da kwana 20 ka yi, wato 245,000 don ka ceci 100,000.

Hanya ta ƙarshe ita ce wadda ta fi shafar ɗan kasuwar da jarinsa ke gudu. A ce idan ka riƙe 4,900,000 ɗin za ka sari wani kaya, ka sayar cikin kwana 20, ka sami ribar kashi 4 bayan ka cire dako da lodi da kuɗin mota. Naira 196,000 ke nan, kusan ninki biyu na rangwamen. A wannan hali barin rangwamen shi ne daidai, kuma 'yan kasuwar da ke yin haka ba jahilci ne ya sa su ba. Sharaɗin dai shi ne ya kasance akwai kayan, akwai masu saye, kuma kuɗin zai dawo hannu kafin 2 ga Afrilu. Idan kai ma bashi za ka bayar da kayan ga 'yan kiri da ke biya ran da suka ga dama, to ribar 196,000 ɗin a littafi take, ranar biyan kamfani kuwa tana nan tafe.

Masu kauce wa kuɗin ruwa, lissafin bai bar ku a baya ba. Idan banki irin Jaiz ko TAJ zai saya muku kayan ta hanyar murabaha, ku ɗauki ribar da bankin ya ɗora, ku raba da kuɗin kayan, ku ninka da 365 a raba da kwanakin biya, ku gwada kamar yadda aka yi a sama. Game da shi kansa rangwamen kuwa, rage bashi don a gaggauta biya mas'ala ce da malaman fiƙihu suka yi saɓani a kanta tun da: mazhabar Malikiyya ta hana, an ruwaito halascinta daga Ibn Abbas, wasu malaman zamani kuma sun halatta idan ba a sharɗanta tun wajen ƙulla ciniki ba. Abin da ya fi kuɓuta shi ne a tsayar da farashi ɗaya da wa'adi ɗaya kafin a rabu, ko na kuɗi hannu ko na bashi. Ka kai wa malaminka takardar yadda take ya duba maka.

## 7. Idan kuɗin bai cika ba

Sau da yawa ranar rangwame takan zo da rabin kuɗin a hannu. Wasu kamfanonin suna yarda su yi rangwame a kan abin da aka biya. Lissafinsa ba a ninka kuɗin da kashi 2 ba ne, raba shi ake yi da 0.98. Idan ka tura 2,000,000 ranar 13, abin da za a goge daga bashinka shi ne 2,040,816, saura 2,959,184 da za ka biya ranar 2 ga Afrilu. Ka nemi amincewarsu a rubuce kafin ka tura, in ba haka ba za su rubuta maka 2,000,000 cif, ka fitar da kuɗi da wuri a banza. Bayan biya kuma ka karɓi takardar da ke nuna an rage bashin, ka liƙa ta da inbois ɗin.

## 8. Farashin kuɗi hannu da farashin bashi

A Kantin Kwari ko Dawanau ba kowa ke rubuta 2/10 net 30 ba. Abin da za ka ji shi ne: "Alhaji, in lakadan ne dubu arba'in da takwas, in zuwa wata ne hamsin." Lissafin ɗaya ne, sai dai a nan babu kwanakin kyauta, saboda haka kwana 30 ɗin gaba ɗaya kake saye. Ƙarin 2,000 a raba da 48,000 ya ba da 4.17%. A ninka da 365 a raba da 30, wato 12.17, sai ka sami 50.7% a shekara. A kan katan ɗari, 200,000 ke nan a wata guda.

Da wannan lambar a hannu ciniki yakan yi armashi, don kana da abu biyu da za ka ja a kai maimakon ɗaya. Kana iya neman a rage ƙarin, ko ka bar shi yadda yake ka nemi ƙarin kwanaki. Dubu hamsin zuwa kwana 45 ya sauko 33.8%, zuwa kwana 60 kuma 25.3%. Dila da yawa ya fi sauƙin ba da kwanaki a kan ya sauke farashi, musamman in kayan sun daɗe a sito.

## 9. Idan kai ne mai ba da kayan

Duk abin da mai saye ya tsira da shi daga aljihunka ya fita. Idan ka ba da 2/10 net 30, kai ne ke biyan 37% a shekara don kuɗinka ya dawo kwana 20 da wuri. Ka auna shi da ribarka: mai cin kashi 8 a kan farashin sayarwa, in ya sauke kashi 2, rubu'in ribarsa ya bayar.

Kafin ka fara, ka buɗe littafin bashi ka duba kwana nawa kwastomominka suke yi da gaske kafin su biya. Idan a takarda kwana 30 ne amma a zahiri sai an kai 60, to rangwamen kwana 50 zai ceto maka, tsadarsa 14.9%, kuma a lokacin da farashin kaya ke tashi kullum, kuɗin da ya dawo da wuri yana sayen kaya fiye da wanda ya makara. A nan rangwamen yana da ma'ana. Matsalar ita ce waɗanda suka fi saurin karɓar rangwame su ne masu kuɗi a hannu, waɗanda dama can suna biya a kan lokaci, masu taurin bashin kuwa ba za su motsa ba tun da ba su da abin biyan. Shi ya sa ya fi kyau ka fara gwadawa da kashi 1 na wata biyu ko uku, ka ga su wane ne suka canza hali.

Hattara da wanda zai biya a kwana na 25 kuma ya cire kashi 2 da kansa. Idan ka ƙyale, ka biya 100,000 don kwana biyar. Ka mayar masa da saƙo a ranar cewa akwai ragowar kuɗi a kansa, ka rubuta shi a littafi. Kuma a inbois na gaba kar ka tsaya ga lambobin nan uku, ka rubuta shi dalla-dalla yadda ba mai cewa bai gane ba: naira 4,900,000 idan kuɗi ya shiga asusunmu zuwa 13 ga Maris, naira 5,000,000 daga 14 ga Maris zuwa 2 ga Afrilu, rangwame a kan kuɗin kaya kaɗai, ban da haraji da kuɗin mota.